Kashi 50 Cikin Ɗari, Amma Yanayi Biyu: Abin da Ma'aunin Danshi Ke Ɓoyewa

Duk mai duba hasashen yanayi a wayarsa ya saba ganin adadin da ke kusa da kalmar Humidity: wata rana kashi 20 cikin ɗari, wata rana 50, wata rana 90. Yawancin mutane sun ɗauka cewa idan adadin ya hau za a sha zufa, idan ya sauka kuma jiki zai sake. Sai dai jiki yakan ƙaryata wannan lissafi. A Kano ana iya wayar gari cikin Disamba da danshi kashi 50, leɓe na tsagewa, ƙafa na faso, mutane na jin ɗumi a gindin murhun mai shayi. Wata shida bayan haka, da azahar ɗin wata rana cikin Yuni, wayar za ta sake nuna kashi 50, alhali riga ta manne wa baya, fanka na juyawa amma ba ta kashe gumi.

Na'urar ba ta yi kuskure ba a duka ranakun biyu. Matsalar ita ce adadin yana amsa wata tambaya ce daban da wadda jikinmu ke yi. Akwai wani adadi na biyu da masana yanayi suka fi dogara da shi, wanda a wayoyi da yawa yake can ƙasa da sunan Dew point, wato matakin raɓa. Shi ne ke faɗin gaskiyar yawan ruwan da ke cikin iska, kuma a yankinmu na Sahel babu adadin da ya fi shi bayyana shigowar damina da fitarta.

Rabin me?

Iskar da muke shaƙa koyaushe tana ɗauke da ruwa a siffar tururin da ido ba ya gani. Amma akwai iyakar tururin da zai iya zama cikinta, kuma zafi ne ke yanke wannan iyaka. A ɗauki iska lita 1,000. Idan zafinta digiri 10 ne a ma'aunin Salshiyas, iyakarta wajen giram 9 ne na ruwa. A digiri 20 iyakar ta kai giram 17. A digiri 30 ta zama giram 30, a digiri 40 kuma giram 51. Kusan duk ƙarin digiri goma ko sha ɗaya, iyakar na ninkawa.

Kason danshin da waya ke nunawa rabo ne tsakanin ruwan da ke cikin iskar a yanzu da wannan iyaka. Kashi 50 na nufin iskar ta kai rabin abin da za ta iya ɗauka a zafin da take ciki. Rabin tiya da rabin buhu duka sunansu rabi, amma ba wanda zai sayi ɗaya da kuɗin ɗayan.

A koma ranakun nan biyu a yi lissafi. Da asubar Disamba, a ce zafi digiri 14 ne. Iyakar iska a nan giram 12 ce, rabinta giram 6. Da azahar ɗin Yuni, a ce zafi digiri 35 ne. Iyakar ta kusa giram 40, rabinta giram 20. Ruwan da ke cikin iskar Yuni ya ninka na Disamba fiye da sau uku. A ɗaki mai tsawon mita huɗu, faɗin mita huɗu da tsayin mita uku, ruwan da ke yawo cikin iskar Disamba bai kai sulusin lita ba, na Yuni kuwa ya kusa lita guda. Adadi ɗaya ne a fuskar waya, amma iska biyu ce mabambanta ƙwarai.

Akwai kuma ruɗani na biyu, wanda ke faruwa a cikin yini guda. Iskar Disamba mai giram 6 ɗin nan, idan rana ta take zafi ya kai digiri 30, iyakarta ta koma giram 30, sai kason danshi ya faɗo zuwa wajen kashi 20. Ko ɗigon ruwa bai bar iskar ba. Iyakar ce ta faɗaɗa. Da dare ya yi sanyi ya dawo, kason zai sake hawa. Shi ya sa a kusan kowace rana kason danshi yakan fi yawa da asuba, ya fi ƙanƙanta tsakanin azahar da la'asar. Wanda ke bin wannan hawa da sauka, a mafi yawan lokuta zafin rana yake bi a juye, yana zaton danshi yake aunawa.

Matakin da raɓa ke sauka

Matakin raɓa yana bin wata hanya ce. Tambayarsa ita ce: idan aka yi ta sanyaya wannan iskar ba tare da ƙara mata ruwa ko rage shi ba, a digiri nawa za ta cika har tururin ya fara komawa ruwa? Da yake iyaka na raguwa yayin da sanyi ke ƙaruwa, dole a kai wani mataki da iyakar za ta yi daidai da abin da ke cikin iskar. Daga nan abin da ya yi saura sai ya sauka a kan ciyawa, ko gilashin mota, ko kwanon rufi.

Iskar da ke cike da ruwa ba ta buƙatar sanyi mai yawa kafin ta kai nan. Busasshiya kuwa sai an sanyaya ta sosai. Iskar Yuni mai giram 20, matakin raɓarta wajen digiri 23 ne. Ta Disamba mai giram 6, nata wajen digiri 4 ne. A nan bambancin ya fito fili, 23 da 4, kuma shi ne bambancin da fata ke ji.

Amfanin wannan adadi shi ne ba ya rawa da fitowar rana ko faɗuwarta. Matuƙar iska ɗaya ce ke kan gari, yakan tsaya kusan wuri guda daga safe zuwa dare, sai ɗan motsi kaɗan. Idan aka ga ya yi tsalle, to wata sabuwar iska ce ta shigo. Sannan ba ya taɓa wuce zafin iskar kanta. Idan su biyun suka haɗu, kason danshi ya kai ɗari bisa ɗari ke nan, lokacin raɓa ko hazon sanyi irin na safiyar damina.

Ana iya auna shi a gida. A sami kofin ƙarfe mai sheƙi, a zuba ruwa zuwa rabi, a tsoma ma'aunin zafi. A riƙa jefa ƙananan gutsattsarin ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya ana motsawa, ana kallon bayan kofin. Da zarar sheƙin ya dushe, wani siririn laushi na ruwa ya bayyana, sai a karanta ma'aunin. Wannan shi ne matakin raɓa, da kuskuren digiri ɗaya ko biyu. Abubuwa biyu ke ɓata gwajin: zuba ƙanƙara da yawa lokaci guda, wanda ke sa ruwan ya zarce matakin kafin ido ya lura, da kuma yin numfashi kusa da kofin, domin numfashin mutum cike yake da tururi. A kan wannan dabara ce masanin Birtaniya John Frederic Daniell ya gina na'urarsa ta auna danshi a 1820. A tsakiyar hunturu, kofin na iya yin sanyi har ƙanƙara ta daina narkewa ba tare da ya yi gumi ba. Gwajin bai lalace ba. Matakin raɓar ne ya faɗi ƙasa da sifili.

Dalilin da fata ta fi yarda da shi

Gumi ba ya sanyaya jiki don ya fito. Yana sanyaya shi ne idan ya bushe. Kowane giram na gumi da ya koma tururi yana tafiya da zafi mai yawa daga fata, wanda kuwa ya gangaro ya ɗiga ƙasa, asarar ruwa ce kawai.

Abin da ke yanke saurin bushewar shi ne tazarar da ke tsakanin tururin da ke kan fata da wanda ke cikin iska. Zafin fatar mutum a rana mai zafi yana wajen digiri 35, ko ana Disamba ko ana Yuni da wuya ya yi nisa da digiri talatin da 'yan kai a sassan da tufafi suka rufe. A kan jiƙaƙƙiyar fata mai digiri 35, siririyar iskar da ke manne da ita na ɗauke da kusan giram 40. Idan iskar gari na da giram 6, tazarar 34 ce, gumi na tashi tun kafin a gan shi. Idan tana da giram 20, tazarar ta ragu zuwa 20, sai gumi ya taru ya jiƙa riga. Tunda zafin fata ba ya sauyawa sosai, abin da ya dame ta shi ne ainihin yawan ruwan da ke cikin iska. Wannan kuwa matakin raɓa ne ke faɗinsa.

Hukumar yanayi ta Amurka tana ba jama'arta wani ma'auni mai sauƙi: ƙasa da digiri 13 iska a bushe take kuma da daɗi, daga 13 zuwa 18 an fara jin danƙo, sama da 18 kuma abin ya zama takura. Wannan ma'auni na mutanen da ba su saba da damina irin tamu ba ne. A ƙasar Hausa matakin raɓa kan zauna a digiri 20 zuwa 23 tsawon damina, a Legas da Fatakwal kuma 24 ko 25 ba baƙon abu ba ne. Sabo na rage wahala, amma ba ya soke dokar bushewar gumi. Alhazai sun san wannan a jikinsu: zafin Madina busasshe ne, na Jidda da ke bakin Bahar Maliya kuwa mai nauyi ne. A gabashin Saudiyya, a birnin Dahran, an auna matakin raɓa na digiri 35 a ranar 8 ga Yuli, 2003, lokacin da zafin iska ke digiri 42. A irin wannan yanayi gumi kusan ba shi da inda zai tafi.

Dare ma yana hannun wannan adadi. Tururin ruwa na tare zafin da ƙasa ke fitarwa bayan faɗuwar rana, yana mayar da wani kaso ƙasa. Sannan idan sanyin dare ya kai matakin raɓa, tururin da ke komawa ruwa yana sakin zafi, sai sanyin ya tsaya kusa da nan. Saboda haka a hunturu, da matakin ke can ƙasa, rana mai digiri 30 na iya ƙarewa da asuba mai digiri 12 ko 13. A watan Mayu kuwa ɗaki ba ya hucewa, har mutane su fito tsakar gida da tabarma.

Layin da ke kawo damina

A Afirka ta Yamma iskoki biyu ne ke karɓa-karɓa. Ɗaya busasshiya ce daga Sahara, tana busowa daga arewa maso gabas, ita ce mai kawo hazo da ƙura. Ɗayar mai danshi ce daga Tekun Atlantika, tana zuwa daga kudu maso yamma. Inda suka haɗu a doron ƙasa akwai layi, wanda taswirorin Najeriya ke rubutawa ITD, na ƙasashe masu Faransanci kamar Nijar kuma FIT. A watan Janairu layin na can kusa da gaɓar teku. Daga nan yakan yi ta haurowa arewa, har cikin Agusta ya wuce Agadas ya kai wajen digiri 20 arewa da tsakiyar duniya, sannan ya juyo.

Masu hasashe a wurare irin su NiMet a Najeriya da cibiyar ACMAD da ke Yamai suna bibiyar wannan layi, kuma ɗaya daga manyan alamomin da ake gano shi da su ita ce matakin raɓa na wajen digiri 15. Garin da adadinsa ke ƙasa da haka yana hannun iskar Sahara. Wanda ya haura kuma iskar teku ta iso shi. Kason danshi ba zai yi wannan aiki ba, domin hawa da saukarsa na kullum zai sa layin ya riƙa yawo tsakanin safe da rana.

Wannan ne ke bayyana abin da kowa ya sani game da ƙarshen bazara. A ɗauki wata azahar a farkon Afrilu: zafi digiri 40, matakin raɓa 5, kason danshi kashi 12. Rana na ƙuna, amma wanda ya samu inuwa da ruwan sha yana samun sauƙi. A ƙarshen Mayu kuma: zafi ya ɗan ragu zuwa 38, matakin raɓa ya hau 22, kason danshi kashi 40. Mai kallon waya zai ce kashi 40 ai bai kai rabi ba, zafin ma ya sauka. Jiki kuwa ya fi jigata, domin ruwan da ke cikin iskar ya ninka sau uku. Lokacin ne ake cewa gari ya yi zufa, yara su fito da ƙurajen zafi.

Manomi na da abin lura a nan. Isowar layin ba ita ce isowar ruwan shuka ba. Daf da layin, iskar mai danshi siririya ce a ƙasa, busasshiya na kwance a samanta tana hana hadari girma. Ruwa mai dogaro yakan biyo baya ne da tazarar ɗaruruwan kilomita. A makonnin farko layin kan yi gaba ya dawo baya, matakin raɓa ya hau yau ya faɗi jibi. Irin wannan lokaci ne ake samun ruwa guda mai ruɗi, a yi shuka, sannan a shiga fari iri ya ƙone. Idan adadin ya zauna sama kwanaki a jere, dare da rana, alama ce cewa iskar teku ta kafu.

Randa ma shaida ce. Ruwanta na sanyi ne saboda abin da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa. A ranar Afrilun can mai digiri 40, iyakar sanyin da bushewa za ta iya kaiwa wajen digiri 19 ne. A ranar Yuni mai digiri 35 da kashi 50, iyakar ta tsaya a 26. Ranar da ta fi zafi ita ce ta fi ba da ruwan sanyi. A kan wannan ƙa'ida Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya a ƙauyukan Jigawa, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Haka nan na'urar sanyaya ɗaki da ake zuba wa ruwa: tana aiki sosai a Maris da Afrilu, amma da damina sai ta ƙara wa ɗaki danƙo.

Lissafin gaggawa da inda yake gazawa

Idan waya ba ta nuna matakin raɓa, akwai gajeriyar hanya da masanin yanayi Mark Lawrence ya bayyana a 2005. T shi ne zafin iska, RH kason danshi, Td matakin raɓa:

```
Td = T - (100 - RH) / 5
```

A ce zafi digiri 30 ne, danshi kashi 70. A cire 70 daga 100, saura 30. A raba biyar, a samu 6. A cire 6 daga 30, amsa 24, kuma haka cikakken lissafi ke bayarwa. Amma sharaɗin dabarar shi ne kason ya haura 50. A daidai kashi 50 ma ta fara zamewa: ranar Yuni za ta ba da 25 maimakon 23. A ranar Afrilu mai kashi 12 kuwa za ta ba da 22, alhali gaskiyar 5 ce. Don haka a arewa dabara ce ta damina kawai. Da rani sai a nemi adadin kai tsaye, ko a koma ga kofi da ƙanƙara.

A kuma tuna cewa abin da waya ke nunawa daga tashar awo yake zuwa, sau da yawa ta filin jirgin sama, ko daga ƙiyasin kwamfuta. Ɗakin girki da tukunya ke tafasa, ko aji mai cunkoso, ko gonar fadama da ake ban ruwa, kowanne na iya fin adadin gari nesa ba kusa ba.

Inda kason danshi ke da gaskiya

Bai kamata a jefar da kason danshi ba. Hatsi, katako, takarda da fatar jima ba su da zafin kansu kamar jikin mutum. Zafin wurin da suke suke ɗauka. Saboda haka yawan ruwan da suke tsotsa ko fitarwa yana bin kason ne. Idan iskar rumbu ko sito ta daɗe sama da kashi 70, fumfuna na samun wurin zama, kuma a gyaɗa da masara wasu nau'o'inta na haifar da guba mai lahanta hanta. Masarar da aka busar zuwa danshin kashi 13 ko 14 tana daidaita ne da iska mai kashi 65 zuwa 70.

Ko a nan ma matakin raɓa na da abin faɗa. Duk abin da sanyinsa ya kai wannan mataki zai jiƙe, ko da ɗakin a bushe yake a ido. Kwanon rufi yakan huce da sauri cikin dare, sai ya riƙa ɗiga a kan buhuna da asuba a kaka, lokacin da iskar damina ba ta gama janyewa ba. Daɓen siminti da bango ma kan fi iskar ɗaki sanyi, shi ya sa ake ɗora buhu a kan katako, a kuma bar rata tsakaninsa da bango.

Haka nan ƙarancin matakin raɓa ba ya nufin babu haɗari. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, kuma an yi asarar rayuka a wannan guguwar zafi da ta mamaye Sahel. A busasshen zafi gumi na tashi ba a ganinsa, mutum na rasa ruwa bai ankara ba, sai fitsari ya yi duhu, kai ya fara ciwo. A zafi mai danshi kuma matsalar ita ce jiki ya kasa zubar da zafinsa, ko da an sha ruwa. Maganinsa inuwa, iska mai motsi da rage aikin ƙarfi. A kowanne daga cikinsu, idan mutum ya fara ruɗewa ko magana ta sarƙe masa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Abin da ya dace ke nan a riƙa karanta adadi biyu tare, zafin iska da matakin raɓa. Gidajen rediyon da ke karanta hasashen yanayi da Hausa za su yi wa jama'a babban aiki idan suka ƙara wannan adadi guda, musamman daga Afrilu zuwa Yuni. Magini da ɗan dako za su san ranar da ya kamata su fara aiki tun da sassafe su tsaya kafin azahar. Mai jinyar tsoho ko jariri zai san daren da ɗaki ba zai huce ba. Manomi kuma zai samu ƙarin hujja guda kafin ya zuba irin da ya adana shekara guda a ƙasa.